Ƙanƙarar bulo ba za ta riƙe miki kaji mako biyu ba

"Malam, ina sayar da kaji da kifi na firiza da kunun aya a gida, a Kano. Jiya taransifomar unguwarmu ta ƙone, an ce gyara sai bayan mako biyu. Ba ni da janareto, ga kayan kusan naira 300,000 a firiza. In riƙa sayen ƙanƙara har wuta ta dawo?"

Hajiya, Allah ya kiyaye asara. Kafin komai, ki hana yara buɗe firizar nan, ke ma ki hana kanki. Firiza mai murfi a sama, in a cike take kuma ba a buɗe ta ba, tana riƙe kaya a daskare wajen awa 48. In rabi ce, awa 24. A zafin Kano ki ma rage wani abu daga wannan lissafi. Ki tattara kayan wuri ɗaya su jingina da juna, ki cusa kwali ko tsumma mai tsabta a gurbin da ya rage, ki lulluɓe ta da bargo. Sau ɗaya za ki buɗe a rana, da asuba, kin riga kin san abin da za ki ɗauko. Ranar da wuta ta dawo ki yaye bargon, kada injin ya yi zafi.

Sai maganar ƙanƙara, inda 'yan kasuwa da yawa suke yaudarar kansu. Firiza mai aiki tana ajiye nama a digiri 18 ƙasa da sifiri. Ƙanƙarar da ke narkewa kuwa a sifiri take tsayawa. Ma'ana kazar za ta saki ko da ƙanƙara na kanta, kuma ɗanyar kaza ko kifin da ya saki kwana ɗaya zuwa biyu yake da shi a cikin sanyi. Ƙanƙara kwana biyu za ta ƙara miki, ba goma sha huɗu ba.

Mu buga lissafi. A ce bulo ɗaya naira 1,500 ne a wajenku, kuma kina buƙatar uku kullum. Naira 4,500 ke nan a rana, 63,000 a mako biyu, ban da kuɗin ɗan sahu. In ribar da kike sa rai a kayan duka 40,000 ce, kin cinye ta tun kwana na tara, kajin kuma sun riga sun lalace. Wanda ya ga yadda ƙanƙara ta yi tsada a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta yi kwanaki babu wuta, ya san farashin ba ya zama inda aka same shi.

Da ni ne, yau ɗin nan zan kira masu sayar da abinci da masu gasa kaji in karya musu farashi. Ragin kashi 10 cikin ɗari a kan rabin kayan naira 15,000 ne kacal. Sauran ki tambayi dilan da kike sari a wurinsa ko zai ajiye miki a ɗakin sanyinsa ki biya haya kan kowane kwali. Abin da ya rage zuwa gobe da yamma, kifin a banda shi ya bushe ƙayau, kajin a soya a sayar a ranar.

Ƙanƙarar da za ki saya ta kwana biyun nan, bulo za ki ɗauka, kada a farfasa, don ta fi jimawa. Ki ɗora ta a saman kaya, sanyi ƙasa yake sauka. Ki riƙa tsiyaye ruwan da ya taru a gindi, wannan jan ruwan na kaji shi ke ɓata komai.

Ki matsa ƙirjin kaza da yatsa. In da tauri, kina jin ƙanƙara a ciki, tana da sauran rai, za ta iya komawa firiza. In ta yi laushi amma da sanyi sosai, a dafa yau. In sanyin ya tafi, ta yi sama da awa biyu a haka, ko jikinta ya yi yauƙi, zubarwa za ki yi. Kada ki dogara da hanci, nama kan iya kwantar da gida guda bai fara wari ba, kuma maƙwabtanki ne masu saye.

Kunun aya ki dama na yini ɗaya kawai, a kula daban da ƙanƙararsa, kada ya haɗu da ɗanyen nama. Gorar da ta kumbura ko ta yi tsami ta tashi daga kayan sayarwa.

Wata za ta ce miki ki yi tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000: jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu, da jiƙaƙƙen tsumma a baki. Tana yi wa tumatir da alayyafo aiki, musamman lokacin da iska take a bushe. Amma sanyinta bai kai na nama ba, kada kaza ko ɗaya ta shiga ciki.