Jimillar kuɗi ta kumbura bayan shigar da CSV

Tambaya: Malam, na ciro bayanai daga takardar neman biya ta mai kawo mana kaya, na zuba a CSV, na shigar a manhajar lissafi. Jimillar takardar 181.50 ce, amma manhajar ta nuna mini 2,178. Ina na kauce?

Amsa: Raba 2,178 da 181.50, za ka samu 12. Ke nan kaya guda 12 ne a takardar, kuma jimillar ka saka a gurbin farashin guda ɗaya, manhajar ta ninka ta da yawan kayan.

Bayanan takarda iri biyu ne. Akwai na kanta: lamba, kwanan wata, sunan mai kaya, jimilla. Akwai kuma na kowane kaya: suna, adadi, farashi. CSV kuwa layuka kawai ta sani, shi ya sa kowane kaya yake cin layinsa, ana maimaita lambar takardar a farkonsa. Da wannan lambar manhaja irin Xero take haɗe layukan su koma takarda ɗaya. A ce ka sayi bandir 10 na takarda a kan 4.50, da tawada 2 a kan 60, haraji kashi 10 cikin ɗari (na rage wasu gurabe):

```
InvoiceNumber,Description,Quantity,UnitAmount
00731,"Takarda A4, fara",10,4.50
00731,Tawada,2,60.00
```

Ka ga babu jimilla a ciki. Manhajar za ta haɗa 45 da 120 ta samu 165, ta ɗora harajin 16.50, a tashi 181.50. Ita jimillar da ka ciro, ka ajiye ta a gefe don gwaji: idan lissafin manhajar bai zo daidai da ita ba, kada ka tabbatar da takardar. Idan kuma ratar ta yi daidai da harajin ko kusa da shi, to lokacin shigarwa ka faɗa wa manhajar cewa farashin ya ƙunshi haraji alhali bai ƙunsa ba, ko akasin haka.

Sunayen gurabe kada ka ƙago su da ka. Sauke samfurin fayil na manhajar, ka bar layin farko yadda yake.

Dubi alamar zance da ta kewaye "Takarda A4, fara". Waƙafi ne yake raba gurabe, don haka in ba a kewaye ba, "fara" za ta faɗa gurbin adadi, komai ya gusa. Haka adadi irin 1,200 zai tsage biyu, sai ka rubuta 1200 ba waƙafi, ba alamar kuɗi.

Ni dai ban cika son a buɗe fayil ɗin da Excel kai tsaye ba, domin yakan cinye sifilin gaba, 00731 ta koma 731, ya kuma iya juya 03/04/2025 daga 3 ga Afrilu zuwa 4 ga Maris. Duba shi da Notepad, ka adana da UTF-8, sannan ka fara gwadawa da takarda ɗaya kafin ka zuba sauran.