Na tuna da ita, sai ga kiranta

Tambaya: "Jiya ina zaune na tuna da wata ƙawata da muka daɗe ba mu yi magana ba, ba a yi awa ɗaya ba sai ga kiranta. Shin wannan ishara ce, ko kuwa katari ne kawai?"

Malama, wannan al'amari shi ne masanin halayyar ɗan'adam Carl Jung, mutumin Suwizalan, ya yi dogon rubutu a kansa a 1952, inda ya ce akwai abubuwan da ma'ana ce take haɗa su ba tare da ɗaya ya haddasa ɗayan ba. Ni ma na daɗe ina bibiyar irinsa a rayuwata, kuma shawarata ita ce ki fara da lissafi kafin ki kai ga fassara.

A ƙaddara cewa kowace rana mutum 20 da kika daɗe ba ki ji duriyarsu ba suna faɗo miki a rai, wato sau 7,300 a shekara. Idan kowannensu yakan kira ki sau ɗaya a shekara, damar kiran ya faɗo a ranar da kika tuna da shi ɗaya ce cikin 365, don haka za a yi dace kusan sau 20. Idan kuma kika raba wannan da awa 16 da mutum yake yi a farke, za ki ga cewa kira cikin awar da kika yi tunanin zai riƙa zuwa kusan sau ɗaya a shekara, ba tare da wani ɓoyayyen sirri ba. Abin da yake ruɗar mu shi ne, dubban lokutan da muka tuna da mutum wayar ta yi shiru ba sa barin tabo a ƙwaƙwalwa, amma guda ɗayan nan da ya dace ba ya mantuwa.

Ki kuma tambayi ƙawar taki abin da ya tuna mata da ke. Sau da yawa sababin ɗaya ne, kamar labarin tsohuwar makarantarku da ya iso muku a rana ɗaya.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ɗan littafi. Duk lokacin da na ji a jikina cewa wane zai neme ni, nakan rubuta sunansa da lokacin, in yanke wa'adin awa ɗaya tun kafin komai ya faru. Wa'adin nan shi ne ginshiƙin gwajin, domin idan babu shi, saƙon da ya zo bayan kwana uku, ko kiran ƙanen mutumin, duk za ki lissafa su cikin dacen. Da na waiwayi shafukan, akasarin sunayen babu ko ɗan maki a gabansu.

Wannan bai rage wa kiran daraja ba, tunda ya nuna miki cewa kina kewarta, kuma ya kamata ku sabunta zumunci. Inda nake jan kunne shi ne idan ta zo da maganar aure, bashi ko haɗa jari. A nan ki auna maganar kamar yadda za ki auna ta da a ce kiran ya zo a wata rana daban.