Kwana huɗu da barin sigari, yaushe wahalar za ta wuce?

"Kwana huɗu ke nan da na bar sigari bayan shekara tara. Barci ya ƙi, abu kaɗan sai faɗa. Yaushe zai wuce?"

Ɗan'uwa, ka riga ka haye tudun. Jiki ya fi neman nikotin, sinadarin taba mai kama jiki, a rana ta 2 da ta 3, daga nan abin sai raguwa. Jiri kan tafi cikin kwana biyu. Saurin fushi da rashin sukuni kan kai sati biyu zuwa huɗu. Ni a sati na biyu da barin sigari na yi wa wani mai kabu-kabu tsawa a bakin kasuwar Dole kan canjin dala biyar, har yau ina jin kunya.

Rashin barci bai cika wuce sati ɗaya ko biyu ba, amma duba shayin fada. Hayaƙin taba yana sa hanta saurin kawar da kafeyin, sinadarin shayi mai hana barci, to da ka daina, kofi ukun da ka saba sha bayan isha sun fi ƙarfinka yanzu. Goro ma haka. Na koma kofi ɗaya kafin la'asar, cikin kwana uku barci ya dawo.

Kwaɗayin kuwa zuwa yake kamar guguwa, galibi bayan cin tuwo, minti biyar zuwa goma ya lafa. Tashi ka sha ruwa, ka kama asuwaki. Yawan jin yunwa ne mai daɗewa, yakan haura wata biyu.

Tari na iya ƙaruwa na 'yan makonni. Amma in ka ga jini a kaki, ko ciwon ƙirji, ko baƙin ciki ya danne ka, je likita ranar nan.