Kakana ya je Bama, amma an ce dako kawai suka yi

Tambaya: Malam, kakana ya je yaƙin Bama, mun gaji lambobinsa da littafin sallamarsa. Wani a majalisarmu ya ce ba sojoji ba ne, 'yan dakon Turawa ne da hakimai suka kama, wai abin kunya ne ajiye kayan. Abin ya tsaya mini a rai. Me ya sa Bature ya ɗebe su, kuma me suka yi a can?

Amsa: Ɗan'uwa, da farko ka adana littafin nan inda gara ba za ta kai gare shi ba.

Bature bai ɗauki baƙar fata soja don ƙauna ba, lissafi ya yi. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe sojan Ingila a ƙasashenmu tun kafin ya ga abokin gaba, ga tsadar albashinsa da abincinsa. Ɗan ƙasa kuwa ya saba da yanayin, kuma abin da ake biyansa bai kai na Bature ba. Shi ya sa tun 1863 wani hafsan Ingila, Gulba, ya tara Hausawa a Ikko ya ba su bindiga, a 1897 kuma aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma. Rundunar da ta ci Kano da Sakkwato a 1903 hafsoshinta ne kawai Turawa, masu harbin namu ne, Hausa ce ma harshen bariki. Da yaƙin duniya na farko ya tashi, su aka tura Kamaru kan Jamus. Garwa ta faɗi a 1915, Mora ta miƙa wuya a 1916, daga nan aka wuce da su Gabashin Afirka. Ingila ta ƙi kai su fagen Turai, amma Faransa, da take ƙarancin matasa, ta kai nata har ramukan yaƙi na can.

Maganar dako kuwa na gaji da jin ta, galibi daga bakin waɗanda ba su taɓa buɗe littafin sallama ko ɗaya ba. A yaƙin duniya na biyu, a 1941 birged ta 23 ta Nijeriya tana cikin waɗanda suka kori Italiya daga Mogadishu, suka bi ta har Harar a Habasha. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta shiga kwarin Kaladan a ƙasar Bama a 1944, ta 82 ta bi bayanta zuwa Arakan, su biyun suka ƙwace Myohaung daga hannun Japan a Janairun 1945. Wata birged ta 'yan Nijeriya ma an kai ta bayan layin Japan tare da dakarun musamman na Ingila da ake kira Chindit. Wanda yake tantama ya tambayi kansa daga ina barikin Chindit na Zariya da na Dalet a Kaduna suka samo sunayensu.

I, akwai masu ɗaukar kaya, kuma da yawa. Sai dai su ma sojoji ne masu lamba da kaki, cikin rukunoni na musamman. Dajin Arakan duwatsu ne da ƙoramu da gora, mota ba ta shiga, alfadari ma wani wurin sai ya tsaya. Jirgin sama ke jefo abinci da harsashi, mutum ya ɗora a ka ya haura tudu, sau da yawa ba bindiga a hannunsa sai adda, Japan kuma suna kwanton ɓauna a kan hanyar. Wannan ɗaukar kayan ce ma ta sa manyan hafsoshi suka ga rundunar Afirka ta Yamma za ta kai inda sauran ba sa kaiwa. To wanda ya kai harsashi bakin daga a kansa, yaya za a ce bai yi yaƙi ba? Illar wannan zancen ita ce gidaje suna jin kunya, su zubar da takardu, su sayar wa 'yan gwangwan lambobi, alhali lambar tauraron Bama ba a rubuta sunan mai shi a jiki ba. In littafin ya tafi, shaidar ta tafi.

Batun kamawa yana da ƙamshin gaskiya. A takarda sa-kai ne, amma ana yanka wa sarakuna adadi, hakimi ya sauke wa dagaci, dagaci ya tura marar gata ko wanda haraji ya kayar. Wasu kuma da ƙafarsu suka je, don albashi ko koyon tuƙi. An zalunce su a albashi da kuɗin sallama, kuma hafsa baƙar fata na farko, Seth Anthony ɗan Gana, sai a 1942 aka naɗa shi. Kunyar wannan tana kan wanda ya yi zaluncin.

Buɗe littafin ka duba lambarsa da sunan rukuninsa da ranar da aka sallame shi. Sunan rukunin ne zai nuna maka ko bataliyar harbi yake, ko injiniyoyi, ko masu ɗaukar kaya. Ka ɗauki hoton kowane shafi, kuma duk wanda ya ce ka ba shi na asali da kuɗin fom don ya karɓo muku haƙƙin kakanku daga Ingila, kada ka sake shi ya bar hannunka.