Layi biyun farko na About a LinkedIn: me zan sa a danna see more?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gagarawa, sana'ata tara riɗi daga hannun manoma ina kai wa dillalai a Maigatari. Ina son in riƙa samun kamfanonin da ke fitarwa waje kai tsaye, shi ne na buɗe LinkedIn, na biya wani mai kafen intanet ya rubuta min About, wato wurin da mutum yake bayanin kansa a shafinsa. Ya sa ni shugaban kamfani mai fitar da kaya ƙasashen waje, ya ce haka ake yi don a danna see more. Wata 4 ke nan ana leƙowa ana wucewa, sai mutum ɗaya da ya nemi takardun kamfani, da na yi shiru ya ɓace. Gaskiyata tan 10 nake iya haɗawa cikin mako 2 da kaka. Ko na riga na ɓata sunana ne?

Amsa: Kwantar da hankalinka ƙanena, mutum ɗaya ka rasa, kuma abin da aka rubuta yana goguwa cikin minti biyar. Amma ka goge shi yau, tun kafin ka gama tunanin abin da zai maye gurbinsa. Gara About ya kwana biyu babu komai da ya kwana ɗaya da wancan rubutun.

LinkedIn ya ba ka wurin harafi 2,600 a About, amma ɗan sama-sama yake nunawa, sai ya yanke ya sa see more. Inda yake yankewa ba wuri ɗaya ba ne, ya danganta da faɗin fuskar waya ko kwamfuta da girman rubutun da mutum ya saita. Shi ya sa nake sa ɗalibaina su ɗauka layi 2 kawai suka mallaka, abin da ya ƙaru riba ce. A wayar da nake riƙe da ita, layi ɗaya yana cin harafi 40 da 'yan kai, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ke nan jimlar farko ba ta son ta wuce harafi 80 idan ana so ta fito cikakkiya. Kuma layin da ka bari babu rubutu shi ma ana ƙirga shi, don haka wanda ya yi sallama ya tsallake layi ya riga ya cinye rabonsa bai ce komai ba.

Na san wannan maganar tana yi wa mutanenmu nauyi, domin ba mu saba shiga gidan mutum ba sallama. To About ba shiga gidan wani ba ne, kai ne ka kasa kaya a rumfarka aka zo wucewa. Ka ajiye sallamar zuwa saƙon farko da za ka tura wa mai saye. Sunanka ma kada ka maimaita shi, yana nan a sama kusa da hotonka. Haka abin da ka riga ka rubuta a Headline, wato layin da ke ƙarƙashin sunanka, wanda shi ma yake da wurin harafi 220.

Jimlar farko tana amsa abin da mai saye yake tambaya a ransa: me kake da shi, daga ina, kuma wa kake yi wa aiki. Da bayanin da ka ba ni, ga yadda zan rubuta taka:

"Ina tara riɗi daga manoman Gagarawa da Maigatari wa masu fitarwa waje."

Harafi 70 ne, zai shiga cikin layi 2 na waya. Duba abin da ya fara zuwa. Kalmar riɗi ta faɗo tun a kalma ta uku, domin wanda ke neman riɗi idonsa ita yake farauta. Maigatari kuma suna ne da duk mai harkar riɗi a kasuwar Dawanau ta Kano ya sani, ya san kasuwar Alhamis ce a bakin iyakar Nijar, don haka sunan garin yana yi maka shaidar da kalmar "amintacce" ba za ta yi ba. Jimla ta biyu sai ta kawo lamba, ta kuma buɗe ƙofar abin da ke ƙasa:

"Tan 10 cikin mako 2 da kaka, a tace a auna. Ga yadda nake raba shi da ƙasa da tsakuwa:"

A waya wataƙila a yanke ta a tsakiya, kuma ba laifi, tunda lambar tana farko. Wanda ya taɓa sayen riɗi ya san inda ake cin amana, a ƙasa ne da tsakuwa da danshi da ake ƙara wa buhu nauyi da su. Da ya ga ka ambaci ciwon da ke damunsa, yatsansa zai kai ga see more da kansa, don yana son ya ji ko ka san aikin. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka rubuta "a tace" in ba ka tacewa. Idan yadda manomi ya kawo kake kaiwa, ka ce haka, ka nemi wani abin da kake yi da gaske, kamar auna kowane buhu a gaban mai shi.

Idan masu sayen da kake nema Turanci suke ji, ka fara rubutawa da Hausa kamar haka, sannan ka sa a juya maka, ka tsaya a kan mai juyawar kada ya ƙara ko kalma ɗaya ta ado.

Yanzu ga abin da yake ɓata min rai, kuma kusan kullum sai na gamu da shi. An cusa wa matasanmu cewa aikin layi biyun nan shi ne a sa mutum ya danna ko ta halin ƙaƙa, kamar dannawar ita ce cinikin. Daga nan ɓarnar take fitowa. Mai kafe yana da rubutu guda ɗaya a kwamfutarsa, shi yake ba mai riɗi, shi yake ba wanda ya gama kwalejin kiwon lafiya, shi yake ba mai gyaran sola, suna kawai yake canzawa. Kowa ya zama shugaban kamfani, kowa mai kishi ne da hazaƙa da gogewar shekaru. Na taɓa zama da matasa 3 daga gari ɗaya, muka buɗe shafukansu, jimlar farko iri ɗaya ce har da kuskuren rubutun. Shi mai kafen ya karɓi kuɗinsa ya kashe janareta ya tafi gida, kai ne sunanka da hotonka suke kan maganar.

Ka lura da abin da ya faru da kai. Rubutun ya yi aikin da aka ce zai yi, an danna, har an yi maka magana. Sai mutumin ya nemi takardu, domin wanda ya ce shi mai fitar da kaya ne, abin da ake fara tambayarsa ke nan: lambar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da takardar shaidar NEPC, hukumar da ke yi wa masu fitar da kaya rajista. Kuma sunan kamfani ana iya bincika shi a shafin CAC daga waya, ba sai an zo Dutse ba. Wato layi biyun sun janyo maka tambayar da ba ka da amsarta. Da ka ce kai mai tarawa ne, da tambayarsa ta zama nawa ne tan, yaushe za a iya ɗauka, za ka iya aiko da samfur, kuma duk waɗannan kana da amsarsu ko cikin barci aka tashe ka. Abin takaicin, kamfanin da ke fitarwa ba ya neman wani mai fitarwa, abokin gasarsa ne. Mutumin ƙauye yake nema wanda manoma suka yarda da shi, wanda zai tara masa kaya ba tare da ya aiko yaransa sun kwana a hanya ba. Abin da kake da shi mai tsada shi aka goge, aka sa maka rigar aro.

Akwai kuma hatsarin da ya fi jin kunya. A ce wani ya yarda, ya turo kuɗin somin-taɓi a kan tirela guda, kai kuma tan 10 ne ƙarfinka. Ranar da kaya suka gaza, ba za a kira shi saɓanin ciniki ba, za a ɗauko hoton shafinka a ce da ƙarya ka karɓi kuɗi, kuma ba mai tambayar wane kafe aka rubuta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na waya kuwa ya fi ƙurewa, tunda kowa yana iya ɗaukar hoton fuskar wayarsa ya ajiye.

Ƙanwar wannan cutar ita ce ɓoye-ɓoye. Sai ka ga an buɗe da "Ka san sirrin da manyan 'yan kasuwa ba sa son ka sani?" ko "Labarina zai ba ka mamaki". Wannan salon masu neman mabiya ne da tallan maganin gargajiya. Ma'aikacin sayen kaya da ke da shafi 20 a gabansa ba ya wasan ƙacici-ƙacici, in bai ga kaya da gari ba ya wuce. Bambancin da jimlarmu ta biyu shi ne mun faɗi abin da ke ƙasa ƙarara, yadda ake tacewa, bayanin ne kawai muka bari sai an danna.

Sannan ga rubutun ado, masu kauri da masu lanƙwasa da ake kwafowa daga wasu shafuka. About ba shi da maɓallin kaurara rubutu, don haka waɗannan ba haruffan gaske ba ne, alamomin lissafi ne masu kama da haruffa. Binciken LinkedIn yana iya kasa gane su, wato mai neman riɗi ya rubuta ya nema, kai kuma naka riɗin yana cikin ado bai fito ba. Manhajar da ke karanta wa makafi rubutu ma tana rikicewa a kansu. Ga mu masu Hausa abin ya fi muni, domin ƙ da ɗ da ɓ ba su da irin wannan adon, sai kalma ta fito rabi mai kauri rabi siririya.

Bayan ka gyara, kada ka duba a wayarka kaɗai, domin yadda mai shafi yake ganin nasa ba lallai ya zo ɗaya da yadda baƙo yake gani ba. Ka sa wani mai LinkedIn ya buɗe shafinka a tasa wayar, gara ma ƙarama, ka ga a kan wace kalma aka yanke. Idan riɗi da Maigatari da tan 10 duk sun fito kafin see more, ka gama. Idan lambar ta faɗa ƙasa, ka rage jimlar farko, "manoman" ce za ta fara fita. Daga nan ka miƙa wayar ga wani dillali da ka saba da shi ranar Alhamis, ka rufe sauran rubutun da hannu, ka tambaye shi me mutumin nan yake sayarwa, nawa kuma yake iya kawowa. Idan ya yi jim, ba a gama ba.

Abin da ke ƙasan see more dole ya fara da cika alkawarin: yadda kake tacewa, sikelin da kake aunawa da shi, watannin da kaya suke samuwa, inda mota za ta iya zuwa ta ɗauka, sai hanyar samunka. Makarantar da ka yi da shekarar haihuwa su jira can ƙasa. Shi kuma mutumin da ya ɓace, saƙonsa yana nan a akwatinka. Ka rubuta masa da sallama, ka ce bayanin da ya gani a baya kuskure ne ka gyara shi, kai mai tarawa ne, tan 10 cikin mako 2, kuma kana iya aika masa samfurin kilo 1 ta motar Kano idan yana so ya gani.