Tallar asibitin haƙori ga mai jin tsoron zuwa

"Assalamu alaikum. Yayana likitan haƙori ne, ya buɗe asibitinsa, ya ce in rubuta masa talla. Na rubuta: 'Aiki ba zafi ko kaɗan, da kayan aiki na zamani!' na haɗa da hoton kujera da kayan aikin. Mutane suna gani amma ba sa zuwa, wasu ma sun ce hoton ya tayar musu da tsikar jiki. Me zan gyara?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na yi shekaru a teburin karɓar marasa lafiya na wani asibitin haƙori, ni ke ɗaga waya, ni kuma ke rubuta abin da ake liƙawa a ƙofa da wanda ake turawa a waya. Shawarata ta farko, ki cire "ba zafi ko kaɗan" yau ɗin nan.

Dalili shi ne mai tsoron likitan haƙori yawanci ya taɓa shan wuya, ko yana yaro, ko a hannun wani mai gaggawa da ya ce masa "yanzu za a gama" alhali yana ta murƙususu. An taɓa yi masa wannan alkawarin an saɓa. Idan ya sake gani a takarda, abin da zai faɗa a ransa shi ne, haka wancan ma ya ce. Ga shi kuma kin sa masa kalmar zafi a layin farko, ita idonsa zai fara kamawa.

Sannan alkawarin ba ya hannun yayanki ɗari bisa ɗari. Haƙorin da ya kumbura ya tara mugunya ba ya karɓar allurar kashe zafi kamar lafiyayye, domin kumburin yana rage ƙarfin maganin a wurin, wani lokaci sai an ƙara allura ko an canza inda ake yin ta. To masu irin wannan haƙorin su ne matsoratan da kike nema, waɗanda suka yi ta ɗage zuwa har abin ya ci tura. Kin ga wanda ya fi buƙatar alkawarin shi ne wanda aka fi yiwuwar saɓa masa. Ki kuma sa yayanki ya duba ƙa'idar hukumar likitoci, don a ƙasashe da yawa ba a yarda likita ya ba da tabbacin sakamako a talla ba.

Abin da na koya a bakin waya shi ne, ba zafin kaɗai ke hana mutane zuwa ba. Mutum ne a kwance, baki a buɗe, fitila a ido, wani yana aiki a inda ba ya gani, kuma ba shi da bakin cewa a dakata. Wannan rashin iko shi ne tushen tsoron. Don haka aikin tallar shi ne ta gaya masa abin da zai faru, ta kuma miƙa masa linzami. Ga yadda muka mayar da tamu:

"Kun daɗe ba ku ga likitan haƙori ba? Ba komai, ba za mu tambaye ku dalili ba. A zuwan farko dubawa kawai za mu yi, mu ɗauki hoto idan da buƙata, mu zauna mu yi muku bayani. Ba cirewa, ba ciko, sai ranar da kuka amince. Ranar aiki kuma, kafin allura muna shafa maganin da ke sa dasashi ya yi sanyi, sannan mu jira har wurin ya mutu kafin mu fara. Za ku ji ana dannawa, amma idan kuka ji wani abu ya wuce haka, ku ɗaga hannun hagu. Likita zai tsaya nan take."

Ki lura da layin farko. Kunya tana hana mutane zuwa kusan kamar tsoro. Akwai wata baiwar Allah da ta kira mu sau uku tana tambayar lokacin buɗewa, ba ta zo ba. A kira na huɗu ta rage murya ta ce, "Don Allah likitan yana faɗa?" Haƙoranta na gaba biyu sun ruɓe, da gefen mayafi take rufe baki idan za ta yi magana, kuma abin da ya fi damunta shi ne a leƙa bakinta a ce me ya sa sai yanzu. Daga ranar na ƙara "ba za mu tambaye ku dalili ba", kuma har na bar wurin ban cire shi ba.

Maganar hannun hagu ma da hikimarta. Likita mai aiki da dama yana zama ta daman mara lafiya, in aka ɗaga hannun dama za a iya bugar masa hannu yana riƙe da kayan aiki. Idan yayanki bahago ne, ki juya. Irin wannan ƙaramin bayani shi ke sa mai karatu ya gane cewa waɗanda suka san aikin ne suka rubuta.

"Za ku ji ana dannawa" kuwa kada ki ji tsoron rubuta shi. Lidokain, maganin allurar haƙori da aka fi amfani da shi, yana kashe zafi amma mutum yana jin turi da girgiza, musamman wajen cire turmi. Wanda ba a gaya masa ba, da ya ji an danna sai ya ɗauka allurar ba ta kama ba, ya firgita. Haka lokacin jira: haƙorin sama kan mutu cikin minti 2 zuwa 5, turmin ƙasa kuma ya fi ɗaukar lokaci domin jijiyar ake kashewa daga can ciki, har rabin leɓe da gefen harshe su yi nauyi na 'yan sa'o'i. Ba sai kin zuba wannan duka a talla ba, amma mai ɗaga waya ya san shi a ka.

Hoton kayan aiki ki ajiye shi. Tiren ƙarafa abin alfahari ne ga likita, ga matsoraci kuwa shi ne abin da yake mafarkinsa ya farka da gumi. Ki ɗauki yayanki ba takunkumi a fuska, zaune a kujera yana magana da mutum, idonsu a tsayi ɗaya. In mara lafiya ne a hoton, sai da izininsa a rubuce.

Inda abin ke lalacewa shi ne idan takarda ta faɗi abu, ɗakin aiki ya yi wani. Ya faru da mu. Wani likita da ya zo riƙon ƙwarya bai san abin da muka rubuta ba, wani dattijo ya ɗaga hannu, ya ce masa "saura kaɗan, Baba" ya ci gaba. Dattijon ya fito bai ce uffan ba, ya ninke takardar tallar ya ajiye mini a kan tebur, bai kuma dawo ba. Har yau abin yana damuna. Don haka kafin ki buga komai, ki karanta wa yayanki da duk mai aiki a asibitin layi bayan layi, duk jimlar da wani ya ce ba kullum zai iya cikawa ba, ki soke ta.

Don ki gane ko sabon rubutun yana aiki, kada ki ƙirga masu gani. Ki sa a ajiye littafi kusa da waya, a riƙa rubuta tambayar farko da mai kira ya yi, da waɗanda aka ba su rana ba su zo ba. Idan kika fara jin "da gaske zuwan farko dubawa ce kawai?", to rubutun ya isa ga waɗanda kike nema, sai mai ɗaga wayar ya amsa da "da gaske" ba tare da ya yi dariya ba. Tambayar da ta fi maimaituwa a littafin bayan wata guda, amsarta za ki mayar layin farko a bugu na gaba.