Kawu, me ya sa mazaɓa ba ta bin iyakar gunduma?

"Kawu ina wuni. Don Allah me ya sa za ka ga gunduma ɗaya an raba ta mazaɓa biyu, wasu kuma an haɗe su uku a mazaɓa ɗaya? Wa ke yanka abin nan ne?"

Lafiya lau ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ita iyakar mulki an shata ta ne don haraji da kotu da ayyukan hukuma, sai ta shekara hamsin ba a taɓa ta ba. Mazaɓa kuwa kawunan mutane ake ƙirgawa, su kuma mutane ba sa zama wuri ɗaya, ana haihuwa ana ƙaura, birni na cika ƙauye na raguwa.

Mu ɗauka jiha ce mai mutum 400,000 da kujeru huɗu, ka ga kowace kujera ta tashi 100,000 ke nan. Gundumominta ma huɗu ne, amma ta farko 220,000, ta biyu 120,000, ta uku 40,000, ta huɗu 20,000 kacal. In aka ce kowacce ta ɗau kujera ɗaya, ƙuri'ar mutum ɗaya a ƙaramar ta yi nauyin ta mutum sha ɗaya a babbar, wannan ai ba adalci ba ne. Sai a raba babbar gida biyu 110,000 kowanne, a gutsuro 30,000 daga ta biyu a haɗa da ƙananan nan biyu su zama 90,000, ita ma saura 90,000 gare ta. Su waɗancan da aka gutsuro za su yi ta ƙorafi, ofishinsu na nan wakilinsu na can, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Masu yankawa kuma ya danganta da ƙasa. A Birtaniya hukumomin iyaka ne masu zaman kansu, kuma doka ta ce masu rajistar zaɓe a mazaɓa kar su wuce ko su gaza matsakaici da fiye da kashi 5 cikin ɗari, in ban da wasu tsibirai. A Najeriya aikin INEC ne amma sai majalisar tarayya ta amince, kujerun wakilai 360 ƙananan hukumomi 774, dole a yi haɗe-haɗe. Na Amurka ne ke damuna, don a yawancin jihohi 'yan majalisar jiha ke zanawa da kansu duk bayan ƙidayar shekara goma, an ba kura ajiyar nama. Ko su cusa masu adawa a mazaɓa ɗaya su ci ta da ƙuri'un da suka yi yawa a banza, ko su warwatsa su yadda ba inda za su yi rinjaye. An daɗe ana wannan, amma a 1812 abin ya yi ƙaurin suna, zamanin gwamna Elbridge Gerry a jihar Massachusetts.

In kana so ka gane an yi maguɗi kar ka tsaya kan siffar taswira kawai, wani lokacin kogi ko dutse ne ya karkata ta. Duba ƙuri'un da jam'iyya ta samu a jihar gaba ɗaya ka gwada da kujerunta, in rabin ƙuri'u ke ba ta kashi uku cikin huɗu na kujeru zaɓe bayan zaɓe, to ka tambayi wanda ya riƙe alƙalamin.